Me zan rubuta wa admin ya ɓoye lambata a zauren tsoffin ɗalibai?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma ina so wanda ya san WhatsApp da kyau ya taimaka. Ina cikin zauren tsoffin ɗaliban makarantarmu, mun kai mutum 870, maza da mata, tun daga 'yan ajin da suka girme mu da shekara goma har yaran da suka gama kwanan nan. Makonni uku da suka wuce aka yi karo-karo don wani malaminmu da ke kwance a asibiti, aka ce ni zan riƙe kuɗin ɓangaren mata. Aka sa lambata a fosta, aka sa a bayanin zauren, aka kuma maƙala saƙon a sama don kowa ya gani. An gama tara kuɗi, an kai, Allah ya ba shi lafiya.

Tun daga lokacin ban huta ba. Kira cikin dare, saƙon "ina son mu gaisa", har da wani da ya kira cikakken sunana da sunan mahaifina, alhali a WhatsApp Maman Nana kawai na rubuta. Jiya wani ya kira ta bidiyo ƙarfe ɗaya saura, maigidana yana kusa. Bai ce komai ba amma na ga ransa ya ɓaci.

Ba na son barin zauren don a can nake jin rasuwa da biki da haihuwa. Babban admin ɗin dattijo ne, ya kusa haifata, ina jin nauyinsa. Ga abin da na rubuta ban tura ba tukuna: "Salam Baba, don Allah a taimaka a ɓoye lambata a guruf, ko a cire ta yadda mutane ba za su gani ba, amma ni in ci gaba da zama a ciki. Na gode." Ya yi daidai? Ko akwai abin da zan ƙara?

Abba Ɗan Hausa:
Anti abu mai sauƙi ne. Duk wanda za ki kira ki fara danna #31# kafin lambarsa, lambarki ba za ta fito ba. Ni haka nake yi.

Maman Nana:
Ƙanena ba ni nake kira ba, ni ake kira. Lambar tana nan a zaure kowa yana gani.

Ummi:
Ai yanzu sun gyara wannan. In ki lura, wanda ba ki da lambarsa in ya yi magana a guruf sunansa ne yake fitowa da wata 'yar alama a gabansa, ba lamba ba. To ke ma haka suke ganinki. Ina ga daga fostar nan kawai aka samu lambarki. Ki ce admin ya goge fostar shi ke nan.

Sani Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Maman Nana. Allah ya kyauta. Kada ki tura wannan saƙon yadda yake, ba don ba shi da ladabi ba, sai don kin roƙi dattijon abin da babu shi a hannunsa. A zauren WhatsApp na yau da kullum, irin naku, admin ba shi da wani maɓalli da zai danna ya ɓoye lambar mutum ɗaya. Duk wanda yake ciki yana iya taɓa sunan zauren a sama, ya gangara ƙasa, ya ga jerin mutane da lambobinsu, ko sun taɓa magana ko ba su taɓa ba. In kin tura masa haka, ɗaya daga biyu ne zai faru. Ko ya ce miki bai iya ba, magana ta mutu a nan, ko kuma ya fahimci "a cire" a matsayin a fitar da ke, ki wayi gari ki ga kin fita.

Ummi, abin da kika faɗa rabinsa gaskiya ne. Sunan da mutum ya sa wa kansa shi ne yake fitowa da alamar ~ a kan saƙonsa, amma lambar ba ta tafi ko'ina ba. Taɓa sunan ki gani, ko ki shiga jerin mutanen zauren. Tana nan.

Ummi:
Na duba yanzu a guruf ɗin unguwarmu. Gaskiyarka Malam Sani, lambobin suna nan reras. Ni dai na ɗauka an ɓoye. To amma maganar fostar fa? Ai ita ce ta jawo.

Sani Mai Gyaran Waya:
A nan kuma ke ce da gaskiya. A cikin mutum 870, lamba ɗaya tana ɓacewa a jeri, ba wanda ya san ta mace ce ko ta namiji sai in ya ga hoto ko suna. Fostar ce ta ware lambar Maman Nana ta ce ga mace, ga ta kuma tana riƙe da kuɗi. Waɗannan biyun su ne suke jawo masu neman hira da masu neman damfara lokaci guda.

Maman Nana in tambaye ki, kuɗin ta wane asusu aka turo miki?

Maman Nana:
Ta OPay ne, lambar wayar tawa ce dai lambar asusun, ban da sifirin farko.

Sani Mai Gyaran Waya:
To kin ga inda aka samu sunan mahaifinki. Duk wanda ya sa lambar kamar zai tura miki kuɗi, cikakken sunan da kika yi rajista da shi zai fito masa kafin ya tura ko sisi. Haka kowane banki yake yi don mutum ya tabbatar da wanda yake tura wa, sai dai a nan lambar waya da lambar asusu abu ɗaya ne. Ba sai ya san ki ba. Na faɗa miki ne don hankalinki ya ɗan kwanta, kiran sunan nan ba ya nufin mutumin ya san gidanku.

Yanzu abin da admin yake da iko a kai, shi ne ya kamata saƙonki ya ƙunsa. Zai iya goge lambarki daga bayanin zauren, wannan aikin minti ɗaya ne. Zai iya sauke saƙon da aka maƙala a sama. In fostar ce aka sa a matsayin hoton zauren, zai iya canza ta. Zai iya fitar da duk wanda kika nuna masa shaidar ya dame ki. Sannan akwai ƙofar shiga: in zauren yana da linkin gayyata da ya daɗe yana yawo, ya shiga Invite via link ya danna Reset link, tsohon ya mutu, ya kuma kunna Approve new members yadda ba mai shiga sai admin ya amince.

Abin da ba zai iya ba kuma shi ne janye fostar daga wayoyin mutane. Goge saƙo ga kowa, ko wanda ya tura ne ko admin, yana yiwuwa ne cikin kamar kwana biyu da turawa. Taku ta yi mako uku. Ta riga ta zauna a wayar duk wanda ya sauke ta, wasu ma sun sa a sitatus don neman lada, kin ga ta fita daga zauren gaba ɗaya.

Baban Iman:
Ni fa ban ga abin dogon zance ba. Ki fita kawai. Zauren da zai kawo miki matsala da mijinki ba zaure ba ne. Rasuwa da biki ai ƙawarki ɗaya ta isa ta riƙa sanar da ke. In kina jin kunyar fita da kanki ki ce wa admin ya cire ki.

Sani Mai Gyaran Waya:
Baban Iman, fita shawara ce da za a iya bi, amma ƙarshen maganarka a juye take. In admin ne ya cire ta, rubutu zai fito a tsakiyar hira kowa ya gani cewa wane ya cire wance. Mutum 870 za su gani, sai a fara "me ta yi?" In kuwa ita ta danna Exit group da kanta, tun 2022 admin kawai ake sanar wa. Mai son fita a ɓoye shi zai fita da ƙafarsa, ba ya roƙi a fitar da shi ba.

Kuma ko ta wace hanya ta fita, lambar ba ta ɓacewa ranar. A ƙasan jerin mutane akwai wurin da aka rubuta View past members, a wasu wayoyin past participants, yana nuna duk wanda ya fita ko aka fitar cikin kwana 60 da suka wuce. Ba admin kaɗai yake gani ba. Tsoffin saƙonninta ma suna nan a wayoyin mutane da lambarta a kai. Fita tana hana sababbin shiga ganinta nan gaba, ba ta karɓo abin da ya riga ya fita.

Baban Iman:
Ban san da maganar kwana sittin ɗin nan ba. Amma har yanzu ina kan bakana. Wata biyu ai kamar gobe ne.

Hajiya Rabi:
Bari in sa baki a matsayina na wadda take riƙe da zaure, na matan unguwarmu ne, mun haura ɗari huɗu. 'Yata, Malam Sani ya gama miki ɓangaren waya, ni ɓangaren mutum zan yi magana.

Na farko, kada ki kuskura ki rubuta wannan a cikin zauren. Na taɓa ganin wata ta yi haka, ta rubuta "admin a cire lambata maza suna damuna", ranar masu kiran nata ƙaruwa suka yi, wasu don ba da haƙuri, wasu don son jin labari. Ki same shi shi kaɗai. In dattijo ne irin waɗanda karatu a waya yake yi musu wuya, ki tura rubutun sannan ki bi shi da gajeren saƙon murya, ko ki nemi ɗaya daga cikin ƙananan admin wanda hannunsa ya faɗa a waya, amma da sanin babban. Dattijo ba ya son ya ji an zagaye shi.

Na biyu, ki tuna shi ma don Allah yake yi, ba biyansa ake ba. In saƙon ya zo masa kamar tuhuma, cewa su suka jawo miki, zai fara kare kansa maimakon ya gyara. Ki fara da godiya, ki faɗi abin da ya faru a jimla biyu, ki jera abin da kike so ya yi. Mu admin abin da yake gajiyar da mu shi ne a kawo kuka ba a faɗi me ake so ba.

Maganar maigidanki kuma ki bar ta a gida. Ba sai ya ji ba. "Ana damuna da kira cikin dare" ta wadatar, duk dattijo ya san abin da ke bayanta.

Zee:
Hajiya ki yi haƙuri, a nan ban yarda ba. In ba ta nuna girman abin ba, zai ce "ki yi haƙuri 'yata, ki toshe su" shi ke nan. Mu mata kullum haka ake mana. Gara ta faɗa masa abin ya fara taɓa aurenta, shi ne zai tashi tsaye.

Hajiya Rabi:
Zee, na fahimce ki. Amma saƙo in ya bar hannunki ba ki san inda zai tsaya ba. Admin biyar ne ko shida, zai tura musu don su yi shawara, ɗaya ya nuna wa matarsa. Gobe a ji a gari cewa auren wance yana rawa. Abin da zai sa ya tashi tsaye ba sirrin gidanta ba ne, shaida ce. Ta ɗauki hoton kiran da lokacinsa, ƙarfe ɗaya saura, da lambar. In lambar tana cikin zauren, ba shi da abin cewa.

Zee:
To Allah ya sa. Ni dai na san abin da na gani a namu zauren.

Maman Nana:
Na gode ƙwarai. Hajiya maganarki ta shige ni, ba zan sa maigida a ciki ba. Malam Sani, yaya zan gane ko mai kiran ɗan zauren ne? Ba zan iya bin lamba 870 ɗaya bayan ɗaya ba.

Sani Mai Gyaran Waya:
Ba sai kin bi ba. Buɗe hirar wanda ya turo miki saƙo ko ya kira ta WhatsApp, taɓa lambarsa a sama, gangara. In kuna zaure ɗaya za ki ga an nuna shi a ƙarƙashin groups in common. Ko ki shiga jerin mutanen zauren, ki taɓa alamar bincike, ki rubuta lambobi huɗu ko biyar na ƙarshen lambarsa. Ki duba wurin waɗanda suka fita ma, don wani shiga yake ya kwashi lambobi ya fice. Ki yi wannan kafin ki rubuta wa admin, kuma ki ɗauki hotunan tun kafin ki goge wata hira.

Maman Nana:
Na duba. Lambobi goma sha ɗaya ne suka dame ni. Huɗu suna cikin zauren yanzu haka. Biyu suna cikin waɗanda suka fita. Biyar babu su ko'ina. Mai kiran bidiyon yana cikin huɗun, kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi magana ba.

Sani Mai Gyaran Waya:
Madalla, yanzu kina da abin rubutawa. Huɗun nan aikin admin ne. Biyun da suka shiga suka fita su ne hujjarki a kan linki. Biyar ɗin kuma mai yiwuwa fosta ce ta kai musu, ba abin da admin zai yi musu, ke ce za ki toshe su. In za ki toshe ki haɗa da Report, yana tura wa WhatsApp saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya turo miki, shi kuma ba a sanar da shi.

Hajiya Rabi:
Ga yadda ni zan so a rubuto mini, ki gyara yadda ya dace da bakinki:

"Assalamu alaikum Baba, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri bisa hidimar da kuke yi mana. Ni ce wance, 'yar ajin shekara kaza, wadda ta riƙe kuɗin ɓangaren mata na jinyar Malam. Tun bayan da aka sa lambata a zaure ake damuna da kira da saƙonni daga mutanen da ban sani ba, har cikin dare. Na san ba a iya ɓoye lambar mutum a zaure, don haka alfarma uku nake nema. A cire lambata daga bayanin zaure kuma a sauke saƙon da aka maƙala, tunda an gama karɓar kuɗi. A duba lambobi huɗun da na turo hotonsu, suna cikin zauren kuma suna cikin masu kirana. A sabunta linkin shiga, a kuma sa sai admin ya amince kafin mutum ya shigo. Ina roƙo kada a ambaci sunana in za a yi sanarwa, kuma ba fita nake so a yi da ni ba. Na gode Baba, Allah ya ƙara girma."

Jimlar nan ta "ba fita nake so a yi da ni ba" kada ki cire ta. Na taɓa fitar da wata baiwar Allah bisa kuskure saboda ta ce "a cire lambata", ashe daga jerin masu adashe take nufi. Sai da na je har gida na ba ta haƙuri.

Malam Habu:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa tun farko ake tara mutum ɗari takwas a wuri ɗaya kowa yana ganin lambar kowa? Mu a ƙungiyarmu Telegram muka koma. Can mutum zai shiga Privacy and Security, ya taɓa Phone Number, ya zaɓi Nobody, ba mai ganin lambarsa ko a zauren mutum dubu nawa yake. Ba ya buƙatar roƙon kowa. Ku ce wa shugabanninku su koma can.

Baban Iman:
Malam Habu, ka taɓa ƙoƙarin kwashe tsofaffi daga WhatsApp? Mu mun gwada, mutum arba'in suka bi mu, sauran suka zauna, muka koma da zaure biyu.

Sani Mai Gyaran Waya:
Abin da Malam Habu ya faɗa a kan Telegram haka yake. Amma ko a cikin WhatsApp akwai abin da ya fi kusa da buƙatar Maman Nana, tunda ta ce sanarwa ce take riƙe da ita. Shi ne Community. In shugabanni suka buɗe shi, yana zuwa da zauren sanarwa wanda admin kaɗai suke rubutu, kuma a can 'yan zaure ba sa ganin lambobin juna, sai admin da wanda dama yake da lambarka. Sai a yi ƙananan zauruka a ƙarƙashinsa, kowane aji da nasa, ko na mata daban. Mace ta zauna a na sanarwa da na 'yan ajinsu mutum hamsin da ta sani, ta bar babban.

Inda mutane suke yin kuskure shi ne su ɗauki tsohon zauren su jefa shi cikin Community su ce an ɓoye lambobi. Ba a ɓoye ba. A cikin kowane zauren hira har yanzu ana ganin juna. Na sanarwar ne kawai yake da wannan rufin.

Hajiya Rabi:
Wannan kam kada ta sa shi a saƙon farko. Yarinya ta zo da kuka kuma ta zo da tsarin yadda za a sake gina ƙungiya, dattijo zai ga kamar an zo koya masa aiki. A bari ya gama ukun nan, in ya nuna damuwa sai a kawo wannan ta bakin wani ƙaramin admin.

Malam Habu:
Hajiya, da irin wannan lallashin ne abubuwa ba sa gyaruwa. Ita kaɗai ce mace a zauren? Gobe wata ce.

Hajiya Rabi:
Ban ce kada a kawo ba, na ce ba yau ba, kuma ba ta bakinta ba.

Ummi:
To ni ina ganin mafi sauƙi ta sayi sabon layi ta yi Change number, duk zaurukanta da hirarta su koma can, tsoffin masu kira su yi ta kiran tsohon.

Sani Mai Gyaran Waya:
Ummi, dabarar layi na biyu tana da kyau, amma ba ta wannan hanyar ba. Change number yana sanar da duk zaurukan da kike ciki cewa kin koma sabuwar lamba, ko kin zaɓi a sanar da mutanenki ko ba ki zaɓa ba. Wato da hannunta za ta miƙa wa mutum 870 sabon layin, a kuma haɗa musu shi da tsohon.

In za ta yi, ta bar babban layinta yadda yake don dangi. Sabon ta buɗe masa WhatsApp daban, wayoyin Android yanzu suna ɗaukar asusu biyu ta Add account. Kada ta sa hotonta, kada ta buɗe asusun kuɗi da shi, sunan ma ta sa wani abu da ba ya nuna mace ce. Ta ba admin shi a ɓoye ya shigar da shi, bayan kwana biyu ta fita da tsohon da kanta. Sai dai layin nan yana son kulawa. In ta jefar da sim ɗin a durowa ba kira ba kati na tsawon lokaci, kamfani zai iya karɓe lambar ya sayar wa wani, shi kuma in ya buɗe WhatsApp da ita zai iya tarar da kansa a zaurukanta. Na ga irin wannan a shago ba sau ɗaya ba.

Kafin nan, Maman Nana, yau ɗin nan, ki shiga Settings, Privacy. Profile photo da About ki mayar My contacts. Groups ma ki mayar My contacts, don wanda ya kwashi lambarki kada ya jefa ki wani zauren. Sannan Calls, ki kunna Silence unknown callers. Kiran baƙuwar lamba ta WhatsApp ba zai yi ƙara ba, za ki dai gan shi a jeri. Wannan shi ne maganin kiran ƙarfe ɗaya saura. Kiran layi na kai tsaye kuwa bai shafe shi ba, wannan a wayar kanta za ki toshe.

Baban Iman:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya same ni, don shi ya sa nake cewa ta fita. Bara wani ya kira ni, ya ambaci sunan zauren masallacinmu daidai, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo mini lambobin shiga in karanto masa ya sa sunana. Saƙo ya shigo da lambobi shida, na karanta masa. Kafin in ajiye waya WhatsApp ɗina ya fita. Ya bi mutanena yana cewa ina asibiti a turo kuɗi, ƙanwata ta tura dubu ashirin. Daga jerin zauren ya samu lambata, ba wani wuri ba. Maman Nana, ke da aka san kin riƙe kuɗi, in aka karɓe naki aka ce "an sake buɗe karo-karon Malam", mutum nawa ne za su tura?

Maman Nana:
Innalillahi. Wallahi shekaranjiya wani ya kira ya ce daga kwamitin tsoffin ɗalibai yake, za a yi taro, zai turo mini saƙo. Ina cikin girki na ce ya kira anjima, bai sake kira ba.

Sani Mai Gyaran Waya:
Allah ne ya tsare ki. Lambobi shidan nan mabuɗin asusunki ne, ba taron da yake buƙatarsu. Shiga Settings, Account, Two-step verification, ki sa lambobin sirri shida naki na kanki, ki haɗa da imel ɗin da kike iya buɗewa. Kuma wannan ki ƙara shi a saƙon Baba a matsayin na huɗu: ya yi sanarwa cewa an rufe karɓar kuɗin jinya, duk wanda ya nemi kuɗi ko lambobin da aka turo ta saƙo da sunan ƙungiya ba daga gare su ba ne. Wannan kare kowa ne, ba sai an ambace ki ba.

Hajiya Rabi:
Wannan na yarda a ƙara. Shi ne ma zai fi saurin motsa shi, don sunan ƙungiya ne a ciki.

Maman Nana:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na tura saƙon jiya bayan la'asar kamar yadda Hajiya ta tsara, da ƙarin Malam Sani, da hotuna. Baba ya kira ni da kansa bayan isha'i, ya ba ni haƙuri sosai, ya ce bai san lambar tana nan a bayanin zaure ba har yanzu. Ya haɗa ni da wani ƙaramin admin, a gabana dai a waya ya goge ta, ya sauke saƙon sama, ya sabunta linki. An yi sanarwar rufe kuɗi ba a ambace ni ba.

Cikin huɗun an fitar da uku, don an tambayi 'yan ajin da suka ce su ne, ba wanda ya san su. Na huɗun, mai kiran bidiyon, ashe ɗan makarantar ne da gaske, ƙanen wani daga cikin shugabanni. Baba ya ce zai yi masa faɗa amma ba zai fitar da shi ba, wai kuskure ne hannunsa ya taɓa. Sau uku ya kira. Na toshe shi, amma yana nan a zauren, kuma in na yi magana zai gani.

Zee:
Kin gani ko Hajiya? Abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya Rabi:
Na gani Zee, kuma bai yi mini daɗi ba. Amma ko ta faɗi maganar aurenta, ƙanen shugaba yana nan a ƙanen shugaba. 'Yata, ki ajiye hoton kira ukun, ki tura wa ƙaramin admin ɗin ma ya zama su biyu suka gani.

Sani Mai Gyaran Waya:
Gaskiya ne, toshewa ba ta raba ku a cikin zaure, kina ganin nasa yana ganin naki. Daren jiya an kira?

Maman Nana:
Biyu na gani da safe a jeri, wayar ba ta yi ƙara ba. Dukkansu ba 'yan zaure ba ne. Na yi magana da maigida, ya ce gobe zai raka ni in yi rajistar sabon layi, in ya so in shiga da shi in fita da wannan. Malam Sani, in na fita da tsohon, shi mutumin zai gane sabuwar lambar tawa ce?

Sani Mai Gyaran Waya:
Zai ga an shigar da wata lamba kamar yadda kowa zai gani, ba zai san ta wace ce ba sai in an faɗa. Ki roƙi ƙaramin admin kada ya yi miki "barka da zuwa" da suna, kuma ki ɗan jima ba ki yi saƙon murya a can ba. Ki toshe shi a sabon layin ma tun ranar farko, don toshewar tsohon ba ta bin ki zuwa can.